Rubutun gaggawa na daren hatsari: yadda ake mayar da shi rahoto mai kanu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban masu aikin dare a wani sito. Daren jiya wani mai lodi ya faɗi, sai na yi sauri na rubuta wannan a littafin aiki (na cire sunaye): "wajen 12 saura mai lodi ya faɗi ƙofa ta 2 mai ne ya zube. ina ga motar ɗaga kaya ce tana yoyo tun jiya an gaya musu. hannu ya karye?? kumburi. mai gadi ya gani. ba ya kula gudu yake kullum. an kai shi asibiti 12 da wani abu. an zuba yashi. kwali 3 ko 4 sun fashe. kira manaja bai ɗauka ba." Yanzu an ce in kawo rahoto a tsare, mai kanu, kafin a tashi aiki yau. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba shi lafiya.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki hoton shafin nan da wayarka, ka rufe littafin, ka bar shi yadda yake. Kada ka yage shafin, kada ka kwafe shi da rubutu mai kyau ka jefar da na farko, kada kuma ka shafa masa farin ruwan goge rubutu. Wannan kwamacalar da kake jin kunyar a gani ta fi duk abin da za ka buga yau nauyi, domin an rubuta ta ne abin yana da zafinsa, tun kafin kowa ya fara tunanin wa za a ɗora wa laifi. Idan maganar ta kai gaban kamfanin inshora ko kotu, shafin asali za a fara tambaya. In har ya zama dole ka gyara wata kalma a takardar hannu irin wannan, layi ɗaya ake ja a kanta yadda za a iya karanta tsohuwar, a rubuta sabuwar a gefe, a sa haruffan farko na suna da kwanan wata. Amma a naka, ni dai shawarata kada ka ƙara ko ɗigo. Duk gyaran da ke bakinka ka kai shi cikin rahoton.

Abin da aka nema a wurinka tsarawa ne, ba sabon labari ba. Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Mutum zai ga rubutunsa da giɓi, sai ya cike giɓin da abin da ya ga ya dace, jimla ta yi santsi, alhali ya shigar da abin da bai gani ba kuma ya sa hannu a ƙasansa. Maganin haka shi ne ka buga hoton shafin a takarda, ka ɗauki biro, ka bi shi gaɓa-gaɓa kana tambayar kanka: wannan da idona na gani, gaya mini aka yi, ko zato nake yi? Kowace gaɓa ka sa mata alamar ɗaya daga cikin ukun nan. Mu bi naka tare.

Ka rubuta "mai lodi ya faɗi", can gaba kuma ka ce "mai gadi ya gani". Daga nan na fahimci ba a gabanka ya faɗi ba. Ke nan faɗuwar kanta ji ka yi. Abin da idonka ya gani wataƙila shi ne mutum a zaune ko a kwance a ƙasa, ga mai a daɓe, ga kwalaye a warwatse. To haka za ka rubuta. Za ka ce ka iso ka same shi a zaune yana riƙe da hannunsa, sannan ka ce mai gadi ya shaida maka cewa ya ga lokacin da ƙafarsa ta zame. Bambancin kamar ƙarami ne, amma ranar da wani zai tambaye ka "da wace ƙafa ya zame?" za ka gode wa Allah da ba ka rubuta kamar kana wurin ba.

Sai lokaci, wanda a takardarka shi ne ya fi ko'ina rauni. "Wajen 12 saura" da "12 da wani abu" sun faɗa gefe biyu na tsakar dare, wato kwanan wata ya canza a tsakaninsu. Faɗuwar ta auku a rana ɗaya, tafiya asibiti a washegari. Saboda haka kowane lokaci ka haɗa shi da kwanan watansa, kuma ka yi amfani da agogon awa 24, inda sha biyu saura kwata na dare yake 23:45, sha biyu da minti goma kuma 00:10. Kada ka ƙirƙiro minti daga ka. Akwai wuraren da lokacin gaskiya yake ajiye yana jiranka. Wayarka ta riƙe daidai mintin da ka kira manaja. Littafin bakin ƙofa yana da lokacin da motar da ta ɗauki mai lodin ta fita. Katin asibiti yana da lokacin da aka karɓe shi. In akwai kyamarar tsaro da ke kallon ƙofa ta 2, ita za ta ba ka lokacin faɗuwar, sai dai ka fara gwada agogonta da na wayarka, domin agogon irin waɗannan na'urori yakan yi gaba ko baya da mintoci ba wanda ya lura. In ka samu yana baya da minti 6, ka rubuta hakan a rahoton. Kuma yau ɗin nan ka nemi a cire hoton a ajiye, domin na'urar takan ɗora sabon hoto a kan tsohon idan ma'ajiyarta ta cika. Inda duk ka rasa madogara, rubuta "da misalin", ba abin kunya ba ne.

Kwanan wata ma yana da tarkonsa. Idan ka rubuta 04/03, wani zai karanta 4 ga Maris, wanda ya saba da tsarin Amurka kuma zai karanta 3 ga Afrilu. Rubuta sunan watan da haruffa, ko ka bi tsarin ISO 8601 mai farawa da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-04. Kalmomin "jiya", "yau" da "ɗazu" kuwa ba su da gurbi a rahoto ko kaɗan. Mai karantawa bayan wata shida ba shi da jiyanka. Kai kanka ma, da ka rubuta "tun jiya" bayan dare ya raba, wace rana kake nufi? Ka warware wannan tun yanzu kana iya tunawa.

Yanzu ga layin da ya fi kowanne nauyi: "ina ga motar ɗaga kaya ce tana yoyo tun jiya an gaya musu." Abubuwa uku ka cusa a ciki. Na farko zato ne, kai da kanka ka ce "ina ga". Na biyu da'awa ce cewa motar na yoyo. Na uku kuma shi ne mai haɗarin, cewa an riga an sanar da wasu ba su ɗauki mataki ba. Hausa tana da wannan "an" mai daɗin baki da ke ɓoye mai aiki, an gaya, an kai, an zuba, kuma a hira ba ta da aibi. A rahoto kuwa kowace "an" rami ce. Wa ya gaya? Wa aka gaya wa? Yaushe? Da baki, ta waya, ko a rubuce a takardar duba mota ta farkon aiki? Idan direban motar ne ya ce maka ya faɗa wa masu gyara, je ka tambaye shi da kyau, ka rubuta maganar a matsayin tasa, sannan ka duba ko akwai inda aka rubuta. In ka samu, ka haɗa kwafi. In ba ka samu ba, ka rubuta cewa ka duba ba ka samu ba.

Za a iya samun mai raɗa maka cewa ka bar wannan layin, kada ka jawo wa sashen gyara magana. Kada ka yarda. Yana nan a shafin asali da rubutun hannunka, kuma duk wanda ya ajiye takardun biyu gefe da gefe zai ga an cire shi, daga nan sauran rahoton ma ya zama abin tuhuma. Na taɓa zama a wani kwamitin bincike inda aka kawo mana rahoto fes, ba kuskure ko ɗaya, sai wani ya ce a kawo littafin aiki. Layi ɗaya ne ya ɓace tsakanin littafin da rahoton. Mun shafe sauran zaman muna tambayar mai rahoton dalilin ɓacewar layin nan, hatsarin da ya tara mu kuwa ya koma gefe. A ɗaya ɓangaren, kada ka kumbura shi ya zama "sashen gyara sun yi sakaci". Wannan hukunci ne, kuma ba kai aka ba alƙalancin ba.

"Hannu ya karye??" Alamun tambayar nan biyu gaskiya suka faɗa, ba ka sani ba. Kai ba likita ba ne, don haka ka rubuta abin da ido ke gani da abin da mai ciwon ya faɗa: wane hannu, dama ko hagu, wane wuri, wuyan hannu ko gwiwar hannu, akwai kumburi, akwai jini ko babu, yana iya motsa yatsu ko ba ya iyawa, ya ce kansa ya bugu ko bai bugu ba. Kalmar karaya sai takardar likita ta zo da ita. Ka lura takardarka ba ta ce dama ko hagu ba. Wannan shi ne giɓin da aka fi cikewa da ka, kuma shi aka fi kuskurewa. Ka tabbatar kafin ka rubuta.

"Ba ya kula gudu yake kullum" ba zai shiga rahoton a haka ba. Ra'ayinka ne game da halin mutum, kuma "kullum" ba ta ba da labarin daren jiya. Tambayar da ke da amfani ita ce, a wannan lokacin gudu yake ko tafiya? Mai gadi ne zai amsa, ko kyamara. In mai gadi ya ce da sauri yake tafiya, ka sa a bakinsa. In ka taɓa yi masa gargaɗi a rubuce kan gudu a cikin sito, wannan tabbataccen abu ne mai kwanan wata, ana iya ambatonsa. In babu, to ka ƙara layi ɗaya a ƙarshen rahoton cewa rubutun asali yana ɗauke da ra'ayinka game da ma'aikacin, kuma ba ka sa shi cikin bayanin ba domin ba abin da ka gani a daren ba ne. Da haka ba ka ɓoye komai ba, ba ka kuma yanke wa mutum hukunci yana gadon asibiti ba.

"Kwali 3 ko 4" kuwa mai sauƙi ne, tashi ka je ka ƙirga, ka rubuta lambar kayan.

To, sai kanu. Idan wurin aikinku yana da fom, shi za ka bi ko da ka ga wani tsarin ya fi shi kyau, domin mai karɓa ya saba da inda zai kai idonsa. In babu, tsarin da aka saba da shi kusan ko'ina ɗaya ne. Ana farawa da bayanan farko, wato lambar rahoto, irin abin da ya faru, rana, lokaci, wuri, sunan mai rahoto da muƙaminsa, da ranar da aka rubuta rahoton, wadda daban take da ranar hatsarin. Sai taƙaitawa, sai waɗanda abin ya shafa da shaidu, sai yadda abin ya faru, sai rauni da ɓarna, sai matakan da aka ɗauka nan take, sai abin da ake zaton ya jawo, sai shawarwari, sai jerin abubuwan da aka haɗa, sai sa hannu. Taƙaitawa tana sama amma ita ake rubutawa a ƙarshe, jimla biyu ko uku, don wanda ba zai karanta komai ba sai ita.

Bari in nuna maka yadda tsakiyar rahoton zai fito. Lokutan da bayanan da zan sa misali ne kawai, a ce su ka samu da ka bincika. Kai ka sa naka, tare da cikakkun sunaye a inda na sa muƙami.

Taƙaitawa. Ranar 4 ga Maris, 2025, da misalin 23:47, wani mai lodi ya zame a kan man da ya zube a bakin ƙofa ta 2 ta cikin sito, ya ji ciwo a wuyan hannunsa na hagu. Direban aikin dare ya kai shi asibiti. Kwali 4 sun lalace.

Yadda abin ya faru. Da misalin 23:47, bisa hoton kyamara bayan gyara bambancin agogo, mai lodin ya nufi ƙofa ta 2 ɗauke da kwalaye. Mai gadi ya shaida mini cewa ya ga ƙafarsa ta zame ya faɗi ta gefen hagu. Da misalin 23:50 mai gadi ya kira ni. Na iso na sami mai lodin a zaune a ƙasa yana riƙe da hannunsa na hagu. Na ga mai a daɓe, faɗinsa kimanin rabin mita, kimanin mita 2 daga bakin ƙofar.

Rauni da ɓarna. Na ga kumburi a wuyan hannunsa na hagu. Ban ga jini ba. Ya ce yana jin zafi in ya motsa yatsunsa, kuma ya ce kansa bai bugu ba. Ana jiran takardar likita. Kwali 4 sun fashe.

Matakan da aka ɗauka nan take. 23:58, 4 ga Maris: na kira manaja a waya, bai ɗauka ba. 00:10, 5 ga Maris: direban aikin dare ya fita da mai lodin zuwa asibiti, bisa littafin bakin ƙofa. Da misalin 00:20: na sa mai shara ya zuba yashi a kan man.

Ka ga na yi amfani da "na". Wasu suna ganin rahoto ba ya yin kama da na ofis sai an cika shi da "an" da manyan kalmomi. Ni ban yarda da wannan ba. "Na kira manaja" ta faɗi wanda ya kira. "An yi yunƙurin tuntuɓar hukuma" ba ta faɗi komai ba sai tsawo. Haka kuma "bai ɗauka ba" ta isa, kada ka mai da ita "ya ƙi ɗauka", domin ba ka san ko barci yake ba ko wayar tana wani ɗaki.

Da ka jera matakan bisa lokaci, za ka iya ganin abin da ba zai yi maka daɗi ba. A misalin nan, man ya yi rabin awa a buɗe kafin a zuba yashi. Za ka ji zuciyarka na so ka matso da lokacin kusa, ko ka ƙara cewa ka killace wurin alhali ba ka yi ba. Bar shi yadda yake. Kana kula da mai ciwo ne, kuma kowa zai gane haka. Haka nan takardarka ba ta ce ko an ba shi taimakon gaggawa ba, ko an dakatar da motar ɗaga kayan. In an yi, ka sa, ka nuna cewa daga tunawarka ne ba daga shafin asali ba. In ba a yi ba, ka rubuta ba a yi ba. Kan da aka bari fayau yana sa mai karatu ya rasa ko mantuwa ce ko babu, don haka ko "babu" ce ka rubuta ta.

A ƙarƙashin abin da ake zaton ya jawo ne kawai zatonka yake da izinin shiga, shi ma da sunansa na zato. Ka raba abin da ya kayar da shi da abin da ya sa wannan abin ya kasance a wurin. Abin da ya kayar da shi mai ne a daɓe, wannan kana da shaida. Daga ina man ya fito, wannan ba a tabbatar ba tukuna. Za ka iya rubuta cewa kana zaton daga motar ɗaga kaya ne, ka kawo dalilinka, misali ka ga ɗigon mai a inda ake ajiye ta, kuma direbanta ya ce ya sanar da sashen gyara ranar 3 ga Maris da baki, sannan ka ce ana buƙatar makaniki ya duba. Idan wurin aikinku yana bin ƙa'idar ISO 45001 ta 2018 kan lafiya da kariyar ma'aikata, binciken musabbabi da matakin gyara aiki ne da za a yi a kansa bayan rahotonka, kuma da abin da ka rubuta za su fara. In ka rufe musu ƙofa da "sakacin ma'aikaci ne", ba wanda zai leƙa ƙarƙashin motar, man kuma zai ci gaba da ɗiga.

Shawarwari kaɗan sun isa, amma kowacce ta zama abin da wani zai iya yi a gani an yi. "A riƙa kula" ba shawara ba ce. "A dakatar da motar har makaniki ya duba ta" shawara ce. "A ajiye yashi da alamar gargaɗi kusa da ƙofa ta 2" ita ma haka.

In ka gama bugawa, ajiye hoton shafin asali a hagu, rahoton a dama, ka bi su sau biyu. A karo na farko ka fara daga shafin asali, kowace gaɓa ka nemo inda ta sauka a rahoton, ko dalilin da ya sa ba ta sauka ba. A karo na biyu ka fara daga rahoton, kowace jimla ka tambaye ta daga ina ta fito: shafin asali, waya, kyamara, bakin mai gadi, ko tunawarka. Jimlar da ta kasa amsawa, ita ce wadda ka ƙirƙira ba ka sani ba, sai ka cire ta. Bayanin mai gadi kuma ya fi kyau ya rubuta nasa da kansa ya sa hannu, ka haɗa shi a baya tare da kwafin shafin littafin da hotunan wurin. Kada ka karanta masa naka kafin ya rubuta nasa, in ba haka ba kalmominka zai maimaita. Shi ma mai lodin yana da nasa bayanin, a ɗauka idan ya samu sauƙi, kuma ka nuna a rahoton cewa ba a ɗauka ba tukuna.

Ka sa hannu da kwanan watan yau, ba na daren hatsarin ba, ka miƙa wa wanda ya nema kaɗai, domin akwai sunan mutum da bayanin lafiyarsa a ciki, ba abin turawa zauren ma'aikata na waya ba ne. Ka riƙe shaidar ranar da ka miƙa. Gobe ko jibi takardar likita za ta zo, wataƙila ta ce karaya ce, wataƙila targaɗe. Kada ka buɗe rahoton da ka riga ka miƙa ka canza shi. Sabuwar takarda za ka yi mai kan "Ƙarin bayani na 1", ka sa lambar rahoton farko, da ranar da takardar likitan ta iso hannunka, da abin da ta ce, ka sa hannu, a maƙala ta a bayan na farkon.